Na sanya wa manhajoji iyaka, na kunna Do Not Disturb, amma awannin da nake yi a waya ba su ragu ba

Malama_Sadiya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka yi amfani da rahoton lokacin waya har suka ga amfaninsa. Makonni uku da suka wuce na buɗe Screen Time a wayata ta iPhone, na tarar da cewa ina yin awa 6 da minti 20 a kowace rana idan aka ɗauki matsakaicin mako. Abin ya tsaya mini a rai, domin ni malama ce, kuma takardun ɗalibai da ya kamata in gama dubawa da yamma suna kai ni tsakar dare. Nan take na sanya wa manhajojin sada zumunta iyakar awa ɗaya a rana, na kuma tsara Do Not Disturb daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Yau da na sake dubawa sai na ga awa 6 da minti 5, wato minti 15 kacal na rage a makonni uku. Shin waɗannan abubuwa suna aiki kuwa, ko kuwa ni ce ban iya saita su ba?

Baban_Walid:
Wa alaikumus salam, Malama. Kuskuren da kika yi shi ne dogaro da Do Not Disturb, domin shi sanarwa kawai yake yi wa shiru, ba ya hana mutum buɗe komai. Abin da kike buƙata shi ne Focus. Ni da zarar na kunna shi, manhajojin da na zaɓa sai su dushe su koma ruwan toka, idan na taɓa su wayar ta sanar da ni cewa an dakatar da su. Ki kunna shi a lokacin da kike duba takardu, za ki ga bambanci tun daga ranar farko.

Injiniya_Bashir:
Baban Walid, abin da ka faɗa game da Do Not Disturb daidai ne, amma sauran bayanin na wayar Android ne, ita kuwa Malama ta ce iPhone take riƙe da ita. Sunayen sun yi kama, aikin ne ya bambanta, kuma wannan yana ruɗa mutane da yawa. A Android, Focus mode da ke cikin Digital Wellbeing yana dakatar da manhajojin da mutum ya zaɓa, ya kuma ɓoye sanarwarsu. A iPhone kuwa, Focus da ya zo tare da iOS 15 a shekarar 2021 faɗaɗa Do Not Disturb aka yi: yana tace mutanen da manhajojin da za su iya tada mutum, amma ba ya rufe ƙofar kowace manhaja. Abin da ke rufe manhajoji a iPhone shi ne Downtime da App Limits, dukansu a cikin Screen Time suke.

Malama, kafin in ba ki shawara ina da tambaya. Jimillar awanni ita ce lamba mafi girma a shafin, shi ya sa ido yake fara sauka a kanta, amma ita ce mafi ƙarancin bayani a kan abin da ya kamata a gyara. Ki shiga `Settings > Screen Time > See All App & Website Activity`, ki zaɓi rana guda ta aiki, ki gangara ƙasa. Ki kawo mana manhajojin da suka fi cin lokaci, da adadin Pickups, da jerin da ke ƙarƙashin First Used After Pickup, da adadin sanarwar da kowace manhaja ta aiko. Ki kuma gaya mana abin da kike yi idan iyakar awa ɗayan ta cika.

Baban_Walid:
Na gode da gyara, Injiniya. Ban san cewa na iPhone ba ya rufe manhaja ba, na ɗauka abu ɗaya ne aka canza wa wuri.

Malama_Sadiya:
Injiniya, na duba ranar Talatar da ta wuce, wadda ta yi daidai da awa 6 da minti 20 ɗin. Manhajar gajerun bidiyo ta ci awa 2 da minti 10, WhatsApp ya ci awa 1 da minti 50, burauza minti 50, sauran awa 1 da rabi kuma ya rarrabu tsakanin imel, ƙamus, hotuna da kira. Na ɗauki wayar sau 130. A cikinsu sau 62 WhatsApp na fara buɗewa, sau 21 manhajar bidiyo, sauran kuma sun watsu. Sanarwa 290 ce ta shigo, 240 daga WhatsApp, 9 kawai daga manhajar bidiyo. Game da iyaka kuwa, idan ta cika ina danna Ignore Limit, in zaɓi Remind Me in 15 Minutes, bayan sau biyu ko uku sai in zaɓi Ignore Limit For Today domin tunatarwar ta daina katse ni.

Injiniya_Bashir:
Madalla, yanzu akwai abin da za a yi magana a kai. Idan muka ɗauka kina farke awa 16, wato minti 960, muka raba da 130, za mu ga kusan duk bayan minti bakwai wayar tana hannunki. Mai duba takardu ba zai iya gama ko da rubutun ɗalibi ɗaya cikin natsuwa a tsakanin ɗauka biyu ba, kuma ina ganin wannan ne ya fi kai ki tsakar dare, fiye da jimillar awannin.

Ki lura da yadda lambobin suka saɓa wa juna. Manhajar bidiyo ita ce ta fi cin lokaci, amma sau 9 kawai ta kira ki, kuma sau 21 kawai kika ɗauki waya dominta. WhatsApp kuwa ya kira ki sau 240, kuma kusan rabin ɗaukar da kika yi shi kika fara buɗewa. Abin da nake zato shi ne, saƙo yana shigowa, ki ɗauki wayar ki karanta cikin daƙiƙa ashirin, sannan tun da wayar tana hannu a buɗe, sai yatsa ya zarce zuwa bidiyo. WhatsApp ne ƙofar, bidiyo ne ɗakin da ake zama. Ke kuma kin sanya iyaka a ɗakin, kin bar ƙofar a buɗe, sannan kin tsara Do Not Disturb a awannin da galibinsu barci kike yi. Shirun da aka yi wa waya daga 10 na dare zuwa 6 na safe yana kare barci, amma ba zai taɓa yammacin da kike kukan rasawa ba.

Abu na farko da zan ba da shawara ba a cikin Screen Time ma yake ba. Ki buɗe WhatsApp, ki duba zaurukan da kike ciki, duk wanda ba a jiran amsarki a cikinsa cikin gaggawa ki yi masa shiru, ki zaɓi Always. Idan wani ya ambaci sunanki ko ya amsa saƙonki kai tsaye, sanarwa za ta iso gare ki duk da haka, saboda haka ba za ki rasa abin da ya shafe ki ba. Bayan wannan sai ki ƙirƙiri Focus naki na kanki na lokacin duba takardu, misali daga 5 zuwa 7 na yamma a ranakun aiki, ki bar mutane uku ko huɗu kawai su iya samunki, ki sanya masa jadawali domin ya riƙa kunna kansa. Wanda sai an tuna an kunna da hannu, ranar da aka fi buƙatarsa ita ce ranar da ba za a kunna ba.

Hajiya_Turai:
Ni ma wannan matsalar ce take damuna a kan yarana biyu, musamman babban, wanda yake da shekara goma sha huɗu. Na sanya masa iyaka da lambar sirri, amma kullum sai ya zo yana roƙon ƙarin lokaci, idan na hana a kwana ana fushi. Awa nawa ya dace a bar wa yaro mai irin shekarunsa a rana?

Nas_Hadiza:
Hajiya, da alama tambayar Malama a kan kanta take, ba a kan yara ba, kuma batun yara ya cancanci a buɗe masa nasa zaren domin yana da faɗi. Sai dai kin ambaci wani abu da ya shafi wannan maganar, wato lambar sirri, kuma ina jin za a dawo kansa.

Ni gargaɗi na zo da shi game da tsara Do Not Disturb na dare. Aikina na jinya ne, kuma akwai dararen da nake gida amma ana iya kirana idan an sami ƙarancin hannu. Na tsara shirun daga 10 zuwa 5 ba tare da na duba waɗanda aka yarda su wuce ba. Wani dare aka kira ni sau biyu daga wurin aiki da lambar da ba ta cikin wayata, tsakanin kira na farko da na biyu kusan minti goma, ban ji ko ɗaya ba sai da safe na gani. An sami wata ta je, amma na daɗe ina jin nauyin abin. Daga baya na gano cewa a iPhone zaɓin Allow Repeated Calls yana barin kira na biyu ya wuce ne kawai idan lambar ta sake kira cikin minti uku. Duk wanda ake iya nema da dare, ya zauna ya tsara wannan ɓangaren kafin ya kwanta.

Injiniya_Bashir:
Gaskiya ne, Nas Hadiza, kuma a Android tazarar ta fi tsawo: idan aka kunna barin masu maimaita kira, wanda ya sake kira cikin minti 15 zai wuce. Ga mai iPhone akwai kuma Emergency Bypass, wanda ake kunnawa a cikin bayanan mutum ɗaya, a wurin zaɓen sautin kiransa. Wanda aka kunna wa shi, kiransa zai yi ƙara ko da Focus yana aiki, ko da an kashe sautin wayar baki ɗaya. Amma wannan sai lambar da aka adana. Ga mai irin aikinki, wanda za a iya kira da kowace lamba, abin da ya fi aminci shi ne a daren da kike jiran kira ki bar dukkan kira su wuce, ki yi wa saƙonni da manhajoji kawai shiru. Ai ba kira ne yake sa mutum ya ɗauki waya sau ɗari ba.

Kuma duk wanda ya gama saitin, ya gwada shi da rana. Ya kunna shirun, ya sa wani daga cikin waɗanda ya yarda su wuce ya kira shi ta layi, ya sake kiransa ta manhajar hira, domin ba lallai ne kiran biyu su bi hanya ɗaya ba. Mai Android ya kuma tabbatar da cewa ƙararrawar tashi tana cikin abubuwan da aka bari su yi sauti, domin tana da nata maɓallin a cikin saitin.

Auwal_Direba:
Ni ban yarda da rahoton nan ba sam. Wayata tana nuna awa tara zuwa goma a rana, alhali ni tuƙi nake yi, taswira ce a buɗe a gabana tun safe har dare. Idan na bi lambar nan sai in ɗauka ina da babbar matsala, alhali aikina nake yi. A gefe guda kuma, ina sauraron shirye-shirye na awa biyu ko uku fuskar wayar tana kashe, wannan ko kaɗan ba ya fitowa. To lambar da take ƙirga aiki a matsayin ɓata lokaci, ta kuma tsallake wani abin, me za a gina a kanta?

Kubra_Mai_Ɗinki:
Malam Auwal ya faɗi abin da ke raina. Ni ma masu kawo mini aiki ta WhatsApp suke turo awo da hoton samfurin da suke so, kuma idan na yi jinkirin amsawa wasu sukan tafi wurin wata. Ba zan iya yi wa manhajar da nake cin abinci da ita shiru ba. Shawarar Injiniya ta dace da mai albashi, ban ga yadda za ta dace da mu ba.

Injiniya_Bashir:
Malam Auwal, rahoton bai yi ƙarya ba, abin da yake ƙirgawa ke nan: tsawon lokacin da fuskar waya take kunne da wata manhaja a kanta. Bai san niyyar mai riƙe da ita ba. Shi ya sa tun farko na ce wa Malama ta bar jimillar. Kai sai ka cire awannin taswira ka dubi abin da ya rage, idan abin da ya rage bai dame ka ba, to babu abin gyara. Akwai ma wani abu da ke kumbura lambar ga masu iPhone: idan Share Across Devices yana kunne, ana haɗa lokacin duk na'urorin da ke kan asusu ɗaya, har da kwamfutar hannun da wataƙila wani ne a gida yake amfani da ita.

Hajiya Kubra, ban ce a yi wa manhajar shiru gaba ɗaya ba, zauruka na ce. Mai kawo aiki kai tsaye yake turo miki saƙo, wannan ba a taɓa shi ba. Ki duba da kanki, a cikin saƙonnin da suka shigo jiya, nawa ne na masu aiki, nawa ne na zauruka. A Android za ki ga jimillar a Digital Wellbeing idan kika canza ma'aunin zuwa Notifications received, akwai kuma Times opened da ke nuna sau nawa aka buɗe kowace manhaja. Wasu kamfanonin waya suna canza wa waɗannan abubuwa suna ko wuri, don haka idan ba ki gani ba ki rubuta sunan a akwatin bincike na saiti.

Kubra_Mai_Ɗinki:
Na duba, kuma zaurukan sun fi yawa nesa ba kusa ba, wannan na amince. Amma a cikin zaurukan ma akwai biyu na masu sana'a da ake cigiyar mai ɗinki a ciki, kuma wadda ta fara amsawa ita take samu. Waɗannan ba zan rufe su ba, kuma su ne suka fi kowanne surutu. Na yi wa sauran shiru, zan ga abin da zai faru.

Abba_Ɗalibi:
Ina neman afuwar manya, amma ni ina ganin duk wannan kewaye-kewaye ne. Na yi shekara guda ina saita iyaka ina ƙetare ta. Abin da ya yi mini aiki shi ne goge manhajar bidiyo daga wayar gaba ɗaya a lokacin jarrabawa. Iyakar da mutum zai iya ɗagewa da danna biyu ba iyaka ba ce. Malama da kanta ta faɗa cewa kullum tana danna Ignore Limit For Today.

Nas_Hadiza:
A nan ne maganar lambar sirrin da Hajiya Turai ta kawo ta shigo. Ni na sanya wa Screen Time lambar sirri mai lamba huɗu, amma ba ni na zaɓa ba, ƙanwata ce ta shigar da ita ban gani ba, sannan muka kunna Block at End of Limit. Yanzu idan lokaci ya cika, minti ɗaya kawai wayar take ƙara mini, bayan shi sai an shigar da lambar. Kunyar in kira ƙanwata in ce ta buɗe mini bidiyo ita take tsayar da ni. Wata huɗu ke nan, sau biyu kawai na nema.

Baban_Walid:
Ni wannan bai kwanta mini ba. Babban mutum ya miƙa wa wani makullin wayarsa, ranar da wata buƙata ta gaske ta taso kuma mai lambar ba ya kusa, yaya za a yi? Kuma idan an rufe manhajar, ai shafin yana nan a burauza. Ni da na dakatar da wata manhaja da Focus mode, cikin kwana uku na tsinci kaina ina buɗe ta ta burauza, lokacin ya tashi daga wannan layi ya koma wancan, jimillar ba ta motsa ba.

Injiniya_Bashir:
Abin da Baban Walid ya faɗa game da burauza yana faruwa sosai, kuma rahoton ne kaɗai zai nuna shi: layin manhajar ya sauka, layin burauza ya hau da kusan adadi ɗaya. Ana iya toshe wannan, domin a iPhone App Limits yana karɓar adireshin shafi kamar yadda yake karɓar manhaja, a Android kuma ana iya sanya wa shafuka ma'aunin lokaci a Chrome ta cikin Digital Wellbeing. Batun buƙatar gaggawa kuwa, kira yana aiki ko da an rufe komai, kuma duk manhajar da ba a so ta rufu ana sanya ta a Always Allowed.

Amma ina so in koma kan dalilin da ya sa iyakar Malama ta faɗi, domin ba rashin lambar sirri ba ne kawai. Ta sanya awa ɗaya a kan rukunin sada zumunta gaba ɗaya, alhali abin da ta saba yi ya ninka haka, kuma akwai yiwuwar WhatsApp ɗin da take aiki da shi yana cikin rukunin. Iyakar za ta cika tun kafin rana ta raba, a lokacin da take da hujja ta gaske ta ɗage ta domin amsa saƙon wurin aiki. Da zarar an ɗage sau ɗaya da hujja, hannu ya koyi hanyar, gobe ba ya jiran hujja. Da ni ne, zan cire iyakar rukunin, in sanya wa manhajar bidiyo ita kaɗai awa 1 da minti 40, wato ƙasa da abin da aka saba da minti 30, in riƙe wannan mako guda ba tare da ɗagewa ba, sannan in sake ragewa. Abba, gogewa tana aiki ga manhajar da mutum zai iya rayuwa babu ita, amma ba ta magance ɗauka 62 da WhatsApp yake jawowa, kuma shi ba za ta iya goge shi ba.

Abba_Ɗalibi:
Na fahimta, Injiniya, amma har yanzu ina ganin ragewa kaɗan-kaɗan tana ba mutum damar yin ciniki da kansa kullum. Ni dai ban taɓa cin wannan cinikin ba. Abu ɗaya da na riƙe daga saitin shi ne Bedtime mode na Android, wanda yake mayar da fuskar waya baƙi da fari da dare. Bidiyo ba ya jan ido idan babu launi, sai in ga na ajiye da kaina.

Hajiya_Turai:
Ku yi haƙuri, na karanta tambayar cikin sauri ne ɗazu. Amma da na bi bayanan sai na buɗe nawa rahoton, abin da ban taɓa yi ba duk da kullum ina duba na yara. Na ɗauki waya sau 97 jiya, kuma sanarwar da ta shigo ba ta kai 40 ba. Ke nan ni ba kirana ake yi ba, ni nake zuwa da kaina. Wane shiru ne zai yi maganin wannan?

Injiniya_Bashir:
Hajiya, babu shirun da zai yi, kuma a nan ne iyakar waɗannan kayan take. Do Not Disturb da Focus suna tare abin da ke zuwa daga waya zuwa mutum. Idan ɗauka ta fi sanarwa yawa, motsin daga mutum yake tasowa, kuma abin da saiti zai iya yi shi ne ya rage abin da ido zai tarar bayan an buɗe. A iPhone ana iya sa Focus ya nuna shafi ɗaya kawai na fuskar waya, wanda babu komai a kansa sai kira, kalanda da makamantansu, a kuma ɓoye jajayen lambobin da ke maƙale a kan manhajoji. Manhajojin suna nan, mai nema zai same su ta bincike, amma sai ya rubuta suna, kuma wannan ɗan jinkirin yakan isa mutum ya tambayi kansa abin da ya zo yi. Wasu yana yi musu aiki, wasu cikin mako guda yatsansu ya saba da sabuwar hanyar. Ki dubi jadawalin ɗauka na awa-awa a rahoton, ki ga lokacin da sandunan suka fi tsawo. Idan sun taru a awa biyu ko uku, a waɗannan awannin ajiye wayar a wani ɗaki zai fi duk wani saiti.

Malama_Sadiya:
Na dawo bayan makonni biyu domin in faɗi abin da ya faru, tun da kun ba ni lokacinku. Na yi wa zauruka goma sha ɗaya shiru, na bar biyu na wurin aiki. Na ƙirƙiri Focus daga 5 zuwa 7 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, mutum huɗu ne kawai suke iya samuna, kuma shafi ɗaya yake nunawa. Na cire iyakar rukuni na sanya wa manhajar bidiyo awa 1 da minti 40, ban ba kowa lambar sirri ba. A Talatar nan sanarwa ta sauko daga 290 zuwa 74, ɗauka daga 130 zuwa 86, jimillar lokaci kuma awa 5 da minti 15. Abin da ya fi mini daɗi shi ne a kwana takwas cikin goma na gama duba takardu kafin ƙarfe 8.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ban ji daɗinsu ba. Na farko, da zarar ƙarfe 7 ta yi Focus ya kashe kansa, sai in tarar da saƙonnin awa biyu sun taru, in zauna a kansu, daga nan in zarce bidiyo, har sandar 7 zuwa 9 ta fi yadda take a da tsawo. Na biyu, na ɗage iyakar bidiyo sau uku a mako na biyu, dukansu bayan ƙarfe 10 na dare, lokacin da Do Not Disturb yake kunne kuma babu wanda ya kira ni.

Nas_Hadiza:
Malama, sau ukun nan na dare su ne dalilin da ya sa na ba ƙanwata lambar. Da rana mutum yana da ƙarfin riƙe abin da ya yanke, da dare bayan gajiya ba shi da shi. Ki gwada Downtime daga 10 na dare tare da Block at Downtime, ki bar wani ya riƙe lambar ko da na wata ɗaya ne.

Baban_Walid:
Ni har yanzu ina kan bakana game da ba wa wani lamba. Tun da dare ne matsalar, ta sayi agogon ƙararrawa, ta riƙa barin wayar tana caji a falo. Kiran waɗanda ta yarda su wuce zai yi ƙarar da za ta ji daga ɗaki.

Auwal_Direba:
Ni abin da na ɗauka a zaren nan shi ne cire taswira daga lissafi. Da na cire sai ya rage awa 3 da ɗan kai, kuma fiye da rabinsa a lokacin jiran fasinja ne, wanda ban ga laifinsa ba. Amma na ga ɗauka 40 a awannin da nake kan hanya, wannan kuwa ya tsorata ni. Injiniya, akwai yanayin tuƙi da yake kunna kansa idan waya ta haɗu da mota, ko sai na riƙa kunnawa da hannu?

Injiniya_Bashir:
Akwai, Malam Auwal. A iPhone sunansa Driving a cikin Focus, kuma ana iya saita shi ya kunna idan waya ta haɗu da Bluetooth na mota. A Android ya danganta da kamfanin wayar, ka gaya mini irin taka in duba maka inda yake. Sai dai tun da fasinja suna kiranka, ka bar kira ya wuce ta lasifikar mota, saƙonni kawai za ka tare.

Malama, game da cunkoson ƙarfe 7, ni ma ina fama da irinsa bayan tashi daga aiki, kuma ban gama warware shi ba. Abin da nake gwadawa a yanzu shi ne in raba lokacin Focus ɗin gida biyu, in bar minti goma a tsakiya domin amsa saƙonni, saboda kada su taru su yi yawa. Makon farko ya yi kyau, mako na biyu minti goman ya fara zama ashirin da biyar. Idan kin gwada, ki kawo mana sandunan 5 zuwa 9 na kwana biyar mu kwatanta da nawa.

Kubra_Mai_Ɗinki:
Ni ma ga nawa sakamakon. Sanarwa ta ragu da kusan rabi, amma ɗauka ba ta ragu ba ko kaɗan, domin yanzu da wayar ta yi shiru sai na riƙa buɗewa ina dubawa ko wani aiki ya wuce ni. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan, kuma bayan kwana nawa ya daina?